Yadda za ka tsara rostar yaran shago idan ciniki ba ya zuwa daidai a kullum

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Ina da shagon tireda a Mabera, yara uku gare ni, muna buɗewa 7 na safe mu rufe 10 na dare. Litinin da Talata sai ka same su su uku zaune ba abin yi, Alhamis da yamma da Juma'a kuma har mutane su gaji da jira su tafi. Kuma kullum rigimar ranar hutu. Don Allah yaya zan raba musu aikin sati?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Yara uku sun ishe ka, kar ka ƙara ko ɗaya tukuna kuma kar ka sallami kowa. Abin da za ka fara yi shi ne ƙirga mutane, ba kuɗi ba, kuma awa awa za ka ƙirga su ba rana rana ba.

Dalili kuwa, littafin ciniki zai yaudare ka a wannan maganar. Mutum ɗaya zai zo ya ɗauki buhun shinkafa da katan ɗin taliya biyu, cikin minti biyar an gama, kuɗin ya cika littafi. Wata rana kuma yara arba'in ne za su zo, wannan magi, wannan suga na ɗari biyu, wannan omo, wannan an aiko shi ya manta abin da aka ce sai ya tsaya yana tunani, kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na mai buhun nan ba amma su ne suka cinye hannun yaranka na awa biyu. Rosta hannu take rabawa, don haka abin da ke cin hannu shi za ka auna.

Ka samu takarda ɗaya ka manna kusa da akwatin kuɗi, ka ja layi bakwai na ranaku, kowace rana ka raba ta awa awa tun daga 7 har 10. Duk wanda aka sallama a ja ɗan layi a gidan awar. Wanda ya zo ya ga cinkoso ya juya kuma a yi masa da'ira, kuma wannan da'irar kai da kanka za ka riƙa sa ido a kanta in kana nan don yara ba sa son rubuta ta, gani suke kamar ƙarar kansu suke kaiwa, sai ka faɗa musu tun farko ba laifin kowa ake nema ba. Sati huɗu za ka yi kana wannan. Na san da yawa amma kar ka rage, saboda Sakkwato gari ne na ma'aikata, satin da aka yi albashi daban yake da satin tsakiyar wata, in ka ƙirga satin albashi kawai za ka cika shago da yara, in ka ƙirga na tsakiyar wata kawai ƙarshen wata zai zo ya same ka ba shiri.

Bayan nan sai abu na biyu, mutum nawa yaro ɗaya ke iya sallama a awa. Ka tsaya da agogon wayarka ka duba kwastoma ashirin haka, daga sanda ya buɗe baki zuwa sanda ya karɓi canjinsa. A irin shagonka za ka ga abin yana kai wa kamar minti 3, in an haɗa mai sayen ashana da mai awon gero da mai tiransifa da za a tsaya jiran alat. Minti 3 na nufin mutum 20 a awa a lissafin takarda. To amma kar ka yi aiki da 20, ka yi aiki da 15, don mutane ba sa zuwa a jere ɗaya bayan ɗaya, ana sallame la'asar za su taho su shida lokaci guda sannan a yi minti goma ba kowa, ga yaro zai shiga sito ɗauko kaya, ga neman canji a maƙota. In ka lissafa shi a kan 20 to duk sanda aka samu ɗan tsaiko layi zai taru kuma ba zai samu sararin da zai cinye shi ba.

Yanzu bari in ɗauki misali da lambobin da na ƙaddara, kai kuma ka sa naka a gurbinsu. A ce Litinin da safe awar da ta fi cika mutum 14 ne, da rana 6, tsakanin la'asar da magariba 20, da dare 16. Ka raba kowanne da 15, abin da ya haura ko da kaɗan ne ka cika shi zuwa mutum guda. Safe mutum ɗaya, rana mutum ɗaya, yamma biyu, dare biyu. Ka ga ke nan ranar Litinin ba wata awa da take neman yara uku da kai na huɗu. A ce Alhamis kuma safe 15, rana 10, yamma 38, dare 30. Yamma ta tashi mutum uku, dare biyu, amma safiyar Alhamis ɗin nan da ake cewa ranar ciniki ce mutum ɗaya ya ishe ta. Juma'a a ce safe 28 saboda cefane da masu sayen turare da sabulu kafin masallaci, yamma 40. Wannan ita ce ranar da take da kai biyu, safe biyu yamma uku. Abin da nake so ka gani shi ne cinkoson da ke damunka ba kwana biyu ba ne cur, awa uku ce ranar Alhamis, da wasu awoyi ranar Juma'a da Asabar, su za ka fara toshewa sannan ka raba sauran.

Kafin mu zauna kan rostar akwai iyaka biyu da ba naka ba ne balle ka taɓa su. Dokar ƙwadago ta Nijeriya a sashe na 13 ta ce ma'aikacin da zai yi awa 6 ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa bai gaza awa ɗaya ba, kuma a cikin kowane kwana bakwai yana da hutun yini guda na awa 24 a jere. Na san yawancin shagunanmu ba a bin wannan, yaro ya buɗe da safe shi zai rufe da dare kwana bakwai, sai dai in ya kwanta ciwo. Ni dai ban yarda da hakan ba, kuma ko ka ajiye maganar doka da haƙƙi gefe, yaron da ya yi awa 15 a tsaye cikin zafin Afrilu na garin nan da ke wuce digiri 40, shi ne zai ba da canjin dubu a kan ɗari biyar da ƙarfe 9 na dare, kuma shi ne bayan wata huɗu za ka ji ya koma kabu-kabu.

To ga yadda zan yanka maka. Shagonka awa 15 yake buɗe, sai ka yi shifti biyu masu awa tara tara, kowanne da hutun awa ɗaya a ciki. Na safe 7 zuwa 4. Na yamma 1 zuwa 10. Za su haɗu daga 1 zuwa 4, kuma da gangan aka yi hakan: na yamma yana isowa na safe ya tafi ya ci abinci ya huta, a yi azahar ɗaya bayan ɗaya, sannan sauran lokacin da rana ta kori mutane su yi aikin da ba a iya yi gaban kwastoma, ƙulla suga da gishiri a leda, jera kanta, cika firiza da fiya wata da lemo, duba kwanan watan madara da biskit a jawo tsoho gaba. Shi na yamma hutunsa a raba biyu, rabi da magariba rabi da isha'i da abincin dare, kai ka riƙe masa.

Eh kai. Kai ma kana cikin rostar, kuma a nan masu shago da yawa ke ɓata lissafi, sai su ɗauki kansu kamar ƙari, in sun ga dama su zo in ba su gani ba su aiko a ce suna Babbar Kasuwa. In lissafi ya ce yamma mutum biyu kuma kai ne na biyun, to ranar da ba ka zo ba ka bar rami. Ka rubuta kanka daga 4 zuwa 10, safiyarka ta zama ta sarin kaya da banki da sauran hidima.

Yara uku kowa kwana shida, shifti 18 ke nan a sati. Litinin, Talata, Laraba yara biyu biyu, shi ne 6, kuma a nan hutun kowa zai faɗa. Alhamis zuwa Lahadi uku uku, 12. Ya cika 18 daidai ba saura. Zan kira su babba, na tsakiya da ƙarami gwargwadon daɗewarsu a shagon ba shekaru ba.

Litinin: babba hutu, ƙarami safe, na tsakiya yamma.
Talata: na tsakiya hutu, ƙarami safe, babba yamma.
Laraba: ƙarami hutu, na tsakiya safe, babba yamma.
Alhamis: na tsakiya safe, babba yamma, ƙarami 11 zuwa 8.
Juma'a: na tsakiya 7 zuwa 1 ya dawo 3 zuwa 5, ƙarami 8 zuwa 12 ya dawo 4 zuwa 8, babba 3 zuwa 10, shago a rufe 1 zuwa 3.
Asabar: kamar Alhamis.
Lahadi: ƙarami safe, babba da na tsakiya yamma, kai hutu.

Ka bi ta da yatsa za ka ga ba wanda ya rufe shago 10 na dare sannan ya buɗe 7 na safe washegari. Wannan shi ne abin da ya fi wahalar daidaitawa, kuma shi ya sa jerin hutun ya zo haka ba don ina fifita babba ba. Na tsakiya ya rufe daren Litinin, Talata yana hutu, sai ya koma safe daga Laraba da ƙarfinsa. In ka juya jerin ba ka duba ba za ka samu yaro ya bar shago 10 da rabi bayan lissafi, kafin ya kai gida Arkilla ko Gidan Igwai ya kwanta 12 ta yi, ga asuba, sai ka zo 7 da rabi ka tarar masu sayen burodi da madarar yara ’yan makaranta tsaye bakin ƙofa a kulle, ka hau shi da faɗa alhali rostarka ce ta jawo. Ka bar aƙalla awa 11 tsakanin tashi da dawowa.

Shiftin na ukun nan, wato 11 zuwa 8 na ƙarami, shi ne maganin matsalarka gaba ɗaya, don shi ba safe ba ne ba yamma ba, duk inda cinkoso yake nan ake ajiye shi. Alhamis ya zo 11, kuma ka shirya da masu kawo maka kaya su riƙa sauke lodi ranar Alhamis tsakanin 1 da 3, lokacin yara uku suna nan kuma ba mutane, a ƙirga katan katan a shigar sito a jera, kafin la'asar shago ya cika da kaya yana jiran ƙarshen sati. Motar da ta zo sauke kaya 5 na yammar Alhamis ta kashe maka yaro ɗaya a awar da ka fi bukatarsa, gara ka ce su dawo gobe. Daga 4 zuwa 7 kuna uku, kai da babba da ƙarami, kuma kar ku tsaya kowa yana yin komai, ku raba: ɗaya a kan kuɗi da tiransifa shi kaɗai, ɗaya a kan awo, ɗaya yana miƙo kayan kanta da na firiza. Mutum uku da kowa ke sa hannu a akwatin kuɗi ba su fi mutum biyu sauri ba, karo kawai suke yi a bayan kanta, kuma in kuɗi ya yi gibi ba wanda za ka tambaya. Shi ya sa ma ko lissafi ya ce maka mutum huɗu, ka duba faɗin shagon tukuna, in bayan kantarka ba ya ɗaukar huɗu to maganin shi ne a ƙulla kaya tun da rana a rage mintin da kowane kwastoma ke ci.

Juma'a na raba wa ƙarami shiftinsa gida biyu saboda ranar kai biyu gare ta. Irin wannan raba shiftin yana da nauyi a kan yaro, zuwa biyu ne komawa biyu, don haka sau ɗaya kawai a sati, kuma ko dai ka ba wanda gidansu ke nan cikin Mabera ko ka biya kuɗin keke napep na zuwa na biyun daga aljihunka. In ba ka biya ba zai ƙi tafiya gida, ya zauna bakin shago awa huɗu, ka ga a wurinsa ya yi awa 12 ke nan ko da takarda ta ce 8. Rufewar 1 zuwa 3 kuma ka daidaita ta da masallacin da kuke zuwa, wanda zai tafi Masallacin Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello daga Mabera ba daidai yake da mai zuwa na unguwa ba.

Sai maganar rigimar hutu. Abin da ke kawo ta yawanci ba ranar ba ce, rashin sani ne, yaro bai san yaushe zai huta ba sai ranar da maigida ya ga dama, sai kowa ya riƙa roƙo kuma wanda ya fi baki ya fi samu. Ka rubuta rostar ka manna a bango, ka ɗauki hotonta ka tura musu a WhatsApp tun ranar Alhamis don satin da zai fara Litinin. Ka faɗa musu a fili Alhamis, Juma'a da Asabar ba hutu, ga takardar ƙirga ku duba da idonku, su da kansu suka ja layukan ba za su yi musu ba. Amma fa biki da suna da ɗaurin aure a ƙarshen sati suke faɗawa, kuma yaro ɗan mutane ne yana da dangi, don haka ka ba kowa damar musanya, sharaɗi biyu kawai: a faɗa maka kwana biyu kafin ranar, kuma kai za ka gyara a takarda da hannunka bayan ka duba ba ta haifar da rufe dare buɗe safe ba. Musanyar da suka yi tsakaninsu ba ka sani ba ita ce ke ƙarewa da na ɗauka shi zai zo. Rasuwa da rashin lafiya kuma ba sa jiran kwana biyu, ranar kai ne za ka shiga gurbin, shi ya sa ban cika safiyarka da aikin shago ba.

Za ka lura babba kullum yamma yake. Na yi haka ne don dare ne lokacin rufe lissafi, kuma Lahadi da ba ka nan dole wanda ka fi yarda da shi ya riƙe makulli. In shi hakan ya yi masa, wasu sun fi so don suna makaranta ko islamiyya da safe, to a bar shi. In bai yi masa ba, ka koya wa na tsakiya rufe lissafi sannan su riƙa musanya layinsu wata wata. Shi kuma ƙarami na ba shi safiyar Lahadi, Litinin da Talata shi kaɗai saboda su ne mafi sauƙi, amma in bai kai wata biyu ba ko bai haddace farashi ba tukuna, ka zauna da shi safiyar nan har ya iya, kar ka bar shi yana kiranka a waya kan kuɗin kowane gwangwani.

Abu ɗaya da shifti ke kawowa wanda da ba ka da shi shi ne miƙa akwati. Da can duk suna nan tare, yanzu kuɗi zai bar hannu ya koma wani hannu. Ƙarfe 4 kafin na safe ya tafi, su biyun su ƙirga tsabar kuɗi tare, a duba tiransifar da ta shigo, a duba littafin bashi a ga wa ya karɓi kaya da safe, a rubuta jimilla su sa hannu. Minti goma ne, kuma ka sa shi cikin lokacin aikin na safe, wato a fara 4 saura kwata, kar ya zama yana ba da nashi lokacin kyauta kullum. Ranar Alhamis da Asabar ma gara a yi shi 3 da rabi kafin a fito la'asar mutane su taso.

Bayan sati biyu da fara aiki da ita ka mayar da takardar ƙirgar nan bango na sati ɗaya. In da'irar masu juyawa ta ragu a yammar Alhamis da Juma'a to ta zauna. In har yanzu suna nan amma sun koma 8 zuwa 9 na dare, ƙarami yana tashi da wuri ke nan, ka matsar da shi 12 zuwa 9, sai dai ranar Asabar ka bar shi a 8 tunda shi zai buɗe Lahadi. In ka shigo 2 na rana ka samu biyu suna kallon waya kuma kanta a hargitse, matsalar ba yawan yara ba ce, ba ka rubuta musu aikin awannin haɗuwa ba, ka rubuta shi a ƙasan rostar, Litinin ƙulla suga, Talata duba kwanan wata, haka. In kuma na safe kullum sai 5 yake tafiya saboda ba a iya sakinsa, to cinkoson yammarka yana farawa kafin 4, kai ne za ka riƙa zuwa 3.

Kuma wannan rostar ta watannin da aka ƙirga ce. Azumi na zuwa za ta rushe, safiya ta mutu, komai ya koma bayan la'asar zuwa shan ruwa sannan bayan tarawihi, sai ka ja buɗewa zuwa 9 ko 10, ka tura ƙarfin yara yamma, ka tsara wanda zai sha ruwa a shago yau da wanda zai sha gobe. Kwana goman ƙarshe kafin sallah a tattauna da su tun da wuri a ɗage hutu, a biya su da kuɗi ko da ranaku bayan sallah, a rubuta. Lokacin zafi dare yana ƙara nauyi saboda ruwan sanyi da ƙanƙara, lokacin hunturu kuma 9 na dare titi ya yi tsit, za ka iya rufewa da wuri ka rage awa ɗaya a shiftin yamma. In kana da kwastomomi masu sari suna kai wa kasuwannin ƙauye, irin masu cin Achida ranar Laraba ko Illela ranar Lahadi, ka duba takardarka da kyau a jajibirin ranakun, don in Talata da yamma ta fito da nauyi to hutun na tsakiya ba zai zauna a Talata ba, sai ka mayar da shi Lahadi, Talata ya yi 11 zuwa 8 ku zama uku da yamma, kai kuma ka shiga gurbinsa yammar Lahadi, ka sake bin jerin da yatsa ka tabbatar ba wanda ya rufe dare ya buɗe safe.